Saƙon murya na garabasar Sallah ga masu sayenka na kullum: tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Duk shekara da azumi ya kai goma, sai abokan sana'a a kasuwar Dole su fara zuwa rumfata da waya a hannu, wai in saurari bokal ɗin, wato saƙon muryar Wasap, da suke son tura wa masu sayensu. Tambayoyin ba sa sakewa sosai, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Atamfa da shadda nake sayarwa, don haka misalin da zan bi daga farko har ƙarshe na turmin atamfa ne a Ƙaramar Sallah. Mai takalma ko mai turare zai iya sa kayansa a gurbin nawa.

Me ya sa murya? Hoto da rubutu ba su isa ba?

Da yawa daga cikin masu sayenmu ba sa karanta dogon rubutu, ko na Hausa ko na Faransanci. Wasu ajami suka iya, wasu kuma ido ya yi rauni. Amma kowa ya san muryar mutumin da ya shekara biyar yana auna masa yadi. Idan Hajiya ta ji muryarka ta san kai ne, ba wani yaro ne ya ɗauki hoton kayanka yana damfara da shi ba.

Sai dai murya tana da nata aibin, kuma shi ne tushen duk abin da ke wannan shafi. Rubutu ana iya ɗaga ido a koma layin farashi. Murya kuwa ta wuce ta wuce, wanda bai kama kuɗin ba sai ya sake saurara daga farko, kuma mafi yawa ba za su sake ba. Don haka muryar ce gaba, hoto guda da layi guda na rubutu su biyo ta, kamar yadda na yi bayani a amsar abin da ake haɗawa da saƙon.

Magana ce fa kawai. Sai na rubuta ta kafin in ɗauka?

Sai ka rubuta. Mu ƴan kasuwa bakinmu ya saba da ciniki, inda ake cewa albarka, a ƙara, a rage. A cikin bokal babu mai mayar maka da magana, sai ka ga ka yi gaisuwa uku, ka maimaita "to shi ke nan" sau biyar, ka kai minti biyu ba ka faɗi ranar rufewa ba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne alkawarin da ke kuɓucewa daga baki. Ka ce "duk wanda ya zo za mu yi masa sauƙi", gobe mutum ya zo da wayarsa ya kunna maka muryarka a gaban jama'a yana neman sauƙi a kan shaddar da ba ta cikin garabasa.

Rubutun ba sai ya yi kyau ba. Bayan takardar rasit ya isa, da boko ko da ajami. Abin da ake so shi ne ka ga kalmominka da ido kafin su zama bashi a wuyanka.

Me da me ya kamata saƙon ya ƙunsa?

Bayan sallama da sunanka, abu huɗu ne: wane kaya, nawa, har yaushe, da yadda mutum zai yi ya samu. Ga wanda na tsara don turmi 40 na atamfa:

"Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Mai atamfa ne na kasuwar Dole, rumfar da kuka saba. Saboda ku masu sayenmu na kullum, mun ware turmi arba'in na atamfar nan da muke sayarwa jika goma. Duk wanda ya ɗauki turmi biyu, gyale ɗaya kyauta ne. Turmi biyu jika ashirin, da gyale a kai. Daga yau har ranar Alhamis, ashirin ga azumi, ko kuma idan arba'in ɗin sun ƙare. Hoton kalolin yana ƙasan wannan saƙo. Wanda yake so ya turo mini lambar kalar da ya zaɓa, in ajiye masa har magaribar washegari. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya kai mu Sallah lafiya."

A wurin "mai atamfa" ka sa sunan da aka san ka da shi a kasuwa, ko da laƙabi ne, domin sunan takardar haihuwa ba shi mutane suka ajiye a waya ba. Ka lura farashi ya fito sau biyu ta hanya biyu, na turmi ɗaya da na biyu, saboda wanda hayaniya ta hana shi jin na farko ya kama na biyu. Ka lura kuma abu guda kaɗai na roƙa a yi, wato a turo lambar kala. Da na ce a kira ni, ko a zo rumfa, ko a turo kuɗi, ko a gaya wa ƴan uwa, da mutum ya rasa wanne zai yi ya ajiye waya.

Tsawon nawa ne daidai?

Saƙon da ke sama kalma kusan 100 ne, kuma da irin maganata yana cin daƙiƙa 45 ko ƙasa kaɗan. Kada ka wuce minti ɗaya. Mai karɓa yana ganin tsawon bokal a rubuce kafin ya taɓa shi, idan ya ga 3:20 sai ya ce bari sai an jima, an jiman kuma ba ta zuwa. Akwai wani dalilin: murya a Statut ba ta wuce minti ɗaya, to idan saƙonka bai kai haka ba, za ka iya karanta rubutun nan ɗin a can ba tare da ka yanke komai ba.

Ka tuna Wasap yana ba mai sauraro damar gaggauta murya zuwa 1,5x ko 2x, kuma matasa da yawa haka suke sauraro. Ka sassauta harshe a wurin kuɗi da wurin rana, ka ɗan numfasa kafin su da bayansu.

Yaya zan gaisa, tunda saƙo ɗaya ne zai je wa Alhaji da Hajiya da ƙanwar matata?

Ka yi amfani da "ku" daga farko har ƙarshe. Da zarar ka ce "ka zo" ka bar mata a waje, idan ka ce "ki zo" Alhaji zai san ba da shi ake ba. "Ku" tana ɗaukar kowa, kuma ita ce ta girmamawa ga babba. Haka gaisuwar lokaci: kada ka ce "ina kwana", don wani sai bayan isha'i zai buɗe. Sallama tana aiki kowane lokaci. A azumi "barkanmu da shan ruwa" ta dace idan da dare za ka tura, a Babbar Sallah kuma ka ce "Allah Ya nuna mana Layya lafiya".

Amma akwai mutanen da bai kamata su sami saƙon kowa da kowa ba. Ina da wasu iyaye mata da ba su wuce goma ba, waɗanda suke yi wa gida gaba ɗaya sayayya, ƴaƴa da jikoki da surukai. Su kam ɗaya bayan ɗaya nake ɗaukar musu, in ce "Hajiya, barka da shan ruwa, ya jikin Baba, ya yaran?", sannan in karanta sauran rubutun yadda yake. Wannan minti goma sha biyar ɗin ya fi duk sauran aikin kawo ciniki, kuma ko bai kawo ba, haƙƙinsu ne.

Ta yaya zan faɗi kuɗin kada a sami saɓani?

Nan ne mu mutanen Nijar muke da namu tarkon. A takarda muna rubuta sefa, a baki muna ƙirga dala da jika. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika guda sefa 1.000. Idan ka ce "na rage ɗari biyar" a cikin bokal, ɗan lakwal zai ji sefa 500, tsohuwar da ta saba da kasuwa kuma za ta ji dala ɗari biyar, wato sefa 2.500. Tsakaninsu jika biyu ne, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Ga kuma masu saye daga wajen Magarya da Matamai da suka saba da naira, waɗanda "dubu goma" take iya zame musu wani abu daban.

Maganin shi ne kada lamba ta fita daga bakinka tsirara. Ka ce "jika tara da rabi", ko "dala ɗari", kullum da sunan ma'auninta. Kuma ka faɗi kuɗin da mutum zai biya, ba wanda ka rage ba: "jika tara maimakon jika goma" ya fi "na rage jika guda". Kashi cikin ɗari kuwa ka bar shi ga allon talla. Ba wanda zai tsaya yana lissafin kashi 10 na jika goma sha biyu da rabi alhali yana jiran kiran sallah.

Ma'aunin kaya ma haka. Turmi yadi 6 ne, zane uku, to idan rabin turmi kake nufi ka faɗa. Shadda kuma ka ce mita nawa, kuma wace iri, don mai jin "shadda" kawai zai sa ran babbar ce.

Rage farashi ya fi, ko ƙara kyauta?

Mu yi lissafin da misalina. A ce turmi ya iso rumfa a kan sefa 8.000 har da kuɗin mota, ina sayarwa 10.000, riba 2.000. Idan na mayar da shi 9.000, a kunne ragin kaɗan ne, jika guda cikin goma, amma ribata ta rabu biyu. Turmi 40 da za su ba ni 80.000 sun koma 40.000, sai na sayar da turmi 80 kafin in koma inda nake. Idan kuwa na bar farashi na ɗora gyalen da na saro 750 a kan kowane turmi biyu, gyale 20 ne, sefa 15.000, ribar ta tsaya 65.000. Mai saye kuma gyalen da zai saya jika guda ko fiye ya samu, kuma wanda ya zo da niyyar turmi ɗaya sau da yawa yakan ƙara na biyu.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a lissafi. Farashin da ka sauke da bakinka yana da wuyar hawa. Bayan Sallah za a zo a ce maka ai jika tara ka sayar wa maƙwabciyata, ga muryarka. Kyauta kuwa kowa ya san ta lokaci ce. Ragin farashi yana da wurinsa, a kan kalolin bara da suka kwanta kana son kuɗinka su fito, kuma a nan ka faɗi gaskiya cewa na bara ne. Masu sayenka na kullum sun san kayan rumfarka kamar kai.

Idan za ka ce kai wa gida kyauta ne, ka sa kuɗin kabu-kabu a lissafi kuma ka faɗi iyaka. "Cikin gari" ya haɗa Birni da Zango da Sabon Gari, amma wanda ke Mirya ma zai ce ai kusa ne.

Yaushe zan tura, kuma wace rana zan ce an rufe?

Mai yadi da tela yake tafiya. Atamfar da aka saya saura kwana uku Sallah ba za ta ɗinku ba, domin teloli sun daina karɓar ɗinki tun kafin nan. Shi ya sa nake turawa wajen 10 ga azumi in rufe 20. Mai kayan da aka riga aka ɗinka, da mai takalma da huluna da lalle, nasu goman ƙarshe ne. A Babbar Sallah kuɗin gida rago yake tafiya, don haka ko ka riga shi tun farkon Zulhajji, ko kayanka su zama na hidimar nama, irin su gawayi, yaji, wuƙaƙe da manyan robobi.

Game da awa, bayan asham ya fi. Da rana mutane sun gaji, gab da magariba mata suna kan girki, tsakar dare kuma rashin ladabi ne.

Ranar rufewa kada ka ce "har Sallah". Wata yana iya yin 29 ko 30, kuma yakan faru mu sha ruwa a nan alhali a ƙetaren iyaka suna azumi, ko akasin haka. Ka faɗi sunan rana tare da kwanan wata, kamar "Alhamis, ashirin ga azumi", domin ko lissafin azumin mutum ya bambanta da naka da kwana ɗaya, Alhamis ɗaya ce. Kada kuma ka ce "yau kaɗai" ko "gobe", saboda bokal yana yawo, wani sai bayan kwana huɗu za a tura masa.

Ta wace hanya zan tura wa mutane da yawa lokaci ɗaya?

Ta jerin watsawa. A wayar Android ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Nouvelle diffusion, ko New broadcast idan wayarka da Turanci take, ka zaɓi mutanen. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, idan sun fi haka ka buɗe na biyu. Kowa zai karɓi saƙon kamar shi kaɗai ka tura wa, amsarsa kuma kai kaɗai za ka gani. Turawa da hannu kuwa mutum 5 kawai ake yi a lokaci ɗaya, ka ga mutum 150 sau 30 ke nan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashe lambobin masu saye a zuba su a gurup ba a tambaye su ba. A gurup kowa yana ganin lambar kowa. Matar aure ta ba ka lambarta don atamfa, ba don baƙin maza ɗari su same ta ba, kuma idan wani ya fara damunta da kira, kai ne ka buɗe ƙofar. Statut kuma ƙari ne kawai, yana ɓacewa bayan awa 24, kuma duk wanda kuka ajiye lambar juna yana gani. Idan ka ce garabasar ta masu saye na kullum ce, ka ga bai kamata ta hau can ba sai dai a kwanakin ƙarshe idan kaya sun rage.

Na tura wa mutum 120, amma kusan rabi shiru. Me ya faru?

Kafin ka zargi rubutunka, duba ko saƙon ya isa. Jerin watsawa yana kai saƙo ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Wanda bai ajiye ba ba zai ga komai ba, kai ma ba za a gaya maka ba. Danna saƙon ka riƙe, ka buɗe Infos, za ka ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka saurara. Wanda kwana biyu bai isa gare shi ba alhali kana ganin yana hawa Wasap, to lambarka ce ba ya da ita. Gyaran wannan a rumfa ake yin sa tun kafin azumi: duk wanda ya saya ka ce "Hajiya, a ajiye lambata, zan turo kalolin Sallah", ka tsaya har yaronta ya ajiye.

Idan ya isa ba a saurara ba, tsawo ne ko lokaci, ka koma waɗancan amsoshin biyu. Idan an saurara ana ta tambayarka "nawa ne?" ko "har yaushe?", rubutun ne bai fito da su ba. Idan an saurara kuma shiru, to tayin ne bai ja hankali ba, kuma ƙara tura shi ba zai gyara ba.

Yaya zan ɗauki muryar ta fita tas?

Ba a tsakiyar kasuwa ba, balle ranar Alhamis da Dole take cika. Ka shiga cikin rumfa tsakanin turamen, yadi yana shanye amsa-kuwwa, ko ka bari sai ka koma gida. Kashe fanka, ka nisanci janareto. Waya ta kasance kamar taƙi ɗaya daga bakinka, a ɗan karkace, don iskar baki kada ta riƙa bugun ta. Ka danna alamar makirfo ka ja sama ta kulle, sai hannunka ya huta, kuma kana iya dakatawa ka saurara kafin ka tura.

Karanta rubutun sau uku da ƙarfi tukuna har ya zauna a bakinka, sannan ka ɗauka kana kallon takardar jefi-jefi. Muryar mai karatu daban take da ta mai magana, kuma mutanenka za su gane. Ni nakan fara tura wa uwargida, in tambaye ta abu uku: nawa, har yaushe, me za ki yi? Idan ta amsa ba ta sake saurara ba, ya yi.

Me zan haɗa da muryar?

Hoto ɗaya, ba ashirin ba. Jera kalolin a hasken rana, ka manna wa kowanne lamba da takarda, 1 zuwa 8, ka ɗauka. Hotuna ashirin suna cinye wa mutum mega kuma suna binne bokal ɗin. A ƙarƙashin hoton ka rubuta layi guda: Turmi 2 = 20.000 F + gyale 1, har Alhamis 20 ga azumi. Wannan layin shi ne shaidarka idan gardama ta taso.

Idan kana karɓar kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, kada ka karanto lamba a cikin murya, ana kuskuren ji. Ka bari sai mutum ya zaɓi kala, ka rubuta masa lambar da sunan da zai gani. Yana da kyau ma masu sayenka su san cewa ba ka taɓa neman kuɗi ta wata lamba daban, domin muryarka ana iya tura ta gaba a haɗa da lambar wani.

Na yi kuskuren farashi kuma saƙon ya riga ya tafi. Ya zan yi?

Ya taɓa faruwa da ni. Na ce jika goma sha biyu a wurin da nake nufin goma sha biyar, a kan wata shadda, ban kuma saurara ba kafin in tura. Kafin in farga mutum huɗu sun amsa. Waɗannan huɗun na sayar musu a kan abin da bakina ya faɗa, asarar jika goma sha biyu, sauran kuma na tura musu gyara nan take. Gogewa ba ta wadatar ba ko da ta yiwu, saboda wanda ya ji ya ji. Gyaran ya zama gajere: "Ku gafarce ni, na yi kuskure a saƙon ɗazu. Shaddar jika goma sha biyar ce, ba sha biyu ba. Sauran bayani yana nan yadda yake." Sannan ka sake rubuta layin farashin a ƙasa.

Sau nawa zan tuna musu?

Sau ɗaya, saura kwana biyu a rufe, kuma da sabon labari na gaskiya: "Turmi tara suka rage, lamba 3 da 6 sun ƙare." Daƙiƙa 15 ta isa. Waɗanda suka riga suka saya ka cire su daga wannan. Wanda ya ce a daina turo masa ka cire shi ranar, ka kuma gaishe shi da fara'a idan ya zo rumfa. Mutanen da aka dama suna toshe lamba ko su kai ƙararta, kuma idan ƙarar ta yi yawa Wasap yana iya rufe lambar, wadda ita ce duk masu sayenka suka sani.

Idan turmi arba'in ɗin suka ƙare kafin Alhamis, ka sanar a ranar, don kada wata ta biya kabu-kabu daga Garin Malam ta tarar babu. Wanda kuma ka ce ka ajiye masa har magaribar washegari, ka rubuta sunansa a takarda ka soke a jikin turmin, kada yaron rumfa ya sayar da shi kana masallaci.